Jawabin babban abokin ango a bikin Ingila: dariya cikin minti huɗu ba tare da an kunyata kowa ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Ingila. Abokina Bature da muka yi jami'a tare a Leeds zai yi aure wata mai zuwa, ya ce ni ne babban abokin ango, ni zan yi jawabi a wajen liyafa in sa a ɗaga kofi a yi wa ma'auratan fatan alheri. Amarya ta roƙe ni kada in kai minti huɗu. Sauran abokanmu sai zuga ni suke yi in ba da labarin tsohuwar budurwarsa da abin da ya faru daren da muka yi masa bankwana da gwauranci. Ina so a yi dariya, amma ba na so in kunyata shi. Mutum ne mai shiri fiye da kima, ko kanti zai je sai ya rataya jaka. Ni kuma ba na shan giya. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka fara da jakar nan. Jawabinka gaba ɗaya yana cikinta, kuma in ka riƙe ta da kyau ba ka bukatar ko ɗaya daga cikin labaran da ake zuga ka a kai. Gajeren jawabi irin wannan hali guda na ango yake iya ɗauka, da labari guda da zai nuna halin, sai a juya labarin ya koma yabo, a shigo da amarya, a ɗaga kofi, a zauna. Yawancin jawaban da ke lalacewa ba rashin abin faɗa ne ke kashe su ba. Mutum ne ke so ya zuba shekara goma ta abota a lokacin da ba zai ɗauki fiye da labarin yini guda ba.

Bari mu fara lissafa lokacin, domin shi zai yanke maka yawan abin da za ka rubuta. Mai magana a gaban taro da Turanci, in yana so a ji shi daga kujerun baya, yana furta kalma 130 ko kusa da haka a minti guda. Minti huɗu ke nan kalma 520 a takarda. Amma ba duka minti huɗun ne naka ba. Daga tashinka zuwa lokacin da zauren zai yi shiru, daƙiƙa goma ta tafi. Kowace dariya tana cin kamar daƙiƙa biyar, in ka samu huɗu an tafi da ashirin. Mutane su ture kujeru, su miƙe, su lalubo kofuna, su maimaita sunayen ango da amarya, wata ashirin ce. Abin da ya rage maka bai wuce minti uku da daƙiƙa goma ba, wato kalma 400 zuwa 420. Ka rubuta wannan adadin a saman takardarka. In ka karanta a ɗaki da agogon waya, da murya a fili, kana tsaye, ya kamata ka ƙare a minti uku da kwata. In ka ga minti uku da daƙiƙa hamsin a gida, to a zauren ka zarce, ka koma ka yanke. Kada ka ce tsoro zai sa ka yi sauri ya rage lokacin. Gaskiya ne tsoro yana ƙara sauri, amma yana kuma sa mutum ƙara maganar da bai rubuta ba, kuma ƙarin ya fi cin lokaci.

A al'adar bikin Birtaniya kai ne na ƙarshe. Mahaifin amarya yake fara magana, ango ya biyo, sannan babban abokin ango ya rufe, yawanci bayan an ci abinci, ko da yake wasu ma'auratan kan sa a yi jawaban kafin a zuba abincin. Yanzu amarya da babbar ƙawarta su ma sukan yi magana. Wannan tsarin yana sauƙaƙa maka abu biyu. Na farko, godiya ga iyaye da baƙi da masu ɗawainiya aikin ango ne, kafin ka tashi an riga an yi ta. Mu mun saba in mutum ya karɓi makirufo sai ya jero manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya da muƙamansu, to a nan wannan zai cinye maka minti guda a banza, mutane kuma su fara duba waya. Na biyu, tsohuwar al'ada ita ce ango ya yaba wa ƙawayen amarya, kai ka amsa godiya a madadinsu. Jimla ɗaya ta wadatar, wasu ma sun daina yi. Akwai kuma karanta saƙonnin waɗanda ba su samu zuwa ba, wanda a da aikin babban aboki ne. Ka tambayi ango tun yanzu ko akwai su. In akwai, a ba mai gabatar da taro ya karanta, ko a yarda cewa ba sa cikin minti huɗunka.

Yanzu batun da ya fi damun ka. Dalilin da ya sa labarin kunya ba ya aiki a wannan zauren shi ne ango ba shi da bakin ramawa. A tsakaninku abokai, in ka tsokane shi zai rama, kowa ya san kowa, a yi dariya a wuce. Ranar biki yana zaune a babban teburi, surukansa na gefe, ana ɗaukar bidiyo, kuma kusan rabin zauren mutanen amarya ne da wasunsu ranar suka fara ganin sa. Abin da ka faɗa a kansa shi ne abin da za su tafi da shi gida. Magana zarar bunu ce, bare wadda aka naɗa a wayoyi hamsin. Alamar cewa jawabi ya faɗa wannan ramin a bayyane take: teburi ɗaya, na abokan jami'a, yana ƙyaƙyatawa har da dukan tebur, sauran zauren ya yi tsit, amarya tana murmushin dole tana kallon farantinta. Mai jawabin yana jin dariyar teburin nan sai ya ɗauka ya burge, ya ƙara wani labarin.

Gwajin da ya fi kowanne amfani shi ne wannan: shin ango da bakinsa ya taɓa ba da labarin a gaban mahaifiyarsa, ko zai iya ba da shi a gaban mahaifin amarya yana dariya? In amsar a'a ce, ko in sai ka tsaya tunani, ka cire shi. Da wannan gwajin tsohuwar budurwa ta fita gaba ɗaya, ko da sigar yabo ce, irin a ce “a ƙarshe dai ya samu wadda ta dace”, domin jimlar tana tuna wa amarya cewa akwai waɗanda suka gabace ta. Daren bankwana da gwauranci ya fita, maye ya fita, duk abin da ya haɗa shi da 'yan sanda ya fita. Haka bashi, da korar aiki, da faɗuwa jarrabawa, da rashin lafiya, da ƙiba ko sanƙo in ka san abin yana ci masa rai, da rigimar cikin dangi, da maganar ɗakin kwana. Ka kuma bar barkwancin nan na cewa aure kurkuku ne ko yau ango ya rasa 'yancinsa. Ya tsufa, kuma amarya yake soka ba ango ba. Akwai wata dabara da mutane ke ɗauka tsira ce, su ce “ba zan faɗi abin da ya faru a tafiyarmu ta bara ba”. Wannan ya fi faɗar labarin muni, domin kowa zai cike gurbin da abin da ya fi muni a ransa, amarya kuma ta kwana da tambaya. Abokan da ke zuga ka, ka ce musu wurin waɗannan labaran zaman ku ne ku kaɗai, can za a ba da su. Ba su za su tsaya gaban surukan ba.

To ina dariyar za ta fito? Daga halin kirki da ya wuce gona da iri. Mutumin da ya cika shiri, ko ya cika zuwa da wuri, ko ya cika tsafta, ko ba ya iya cewa a'a, ana iya yi masa dariya a gaban kowa, domin abin da ake yi wa dariyar abin so ne. Mahaifiyarsa za ta yi dariya don ta san halin tun yana yaro, amarya za ta yi don tana zaune da shi, baƙin da ba su san shi ba za su yi don ka nuna musu shi a fili. Kuma irin wannan halin ne kaɗai ake iya juyawa a tsakiyar jawabi ya koma yabo ba tare da an ji ɗinkin ba. Labarin maye ba ya juyuwa, daga shi babu hanyar zuwa “wannan mutum zai riƙe 'yarku da amana”. Daga jaka kuwa hanyar a miƙe take.

Ka zauna ka rubuta ranaku biyar ko shida da jakar ta fito a cikinsu, ka zaɓi guda da ta cika sharuɗɗa uku. Ta kasance kana wurin da kanka. Ta kasance wanda bai san ku ba zai gane ta da jimla biyu na shimfiɗa, ba sai an bayyana waye wane da waye wane ba. Ta kuma ƙare da ango ya yi wa wani alheri. Ga misali, na cike shi da bayanan zato don ka ga yadda ginin yake. Ka musanya su da abin da ya faru da gaske, kada ka ƙirƙiro, domin akwai waɗanda suka halarci ranar a zauren kuma fuskarsu za ta nuna. Inda na sa ango da amarya, sunayensu za ka faɗa.

“Barkanmu da yamma. Ni ne abokin ango tun shekararmu ta farko a jami'a. Da ya ce in yi wannan jawabin, ya ce in faɗi duk abin da ke raina. Bayan awa ɗaya ya turo min jadawali.

“Wata Asabar a watan Yuli, ina da 'yan watanni a ƙasar nan, muka shirya zuwa bakin teku a Scarborough mu huɗu. Yini ɗaya, mu je mu dawo. Rana ta fito tar, babu gajimare ko ɗaya. Mu uku muka zo tasha da 'yan riguna marasa hannu. Sai ga ango da jaka kamar mai ƙaura. A cikin jirgi muka sa shi ya buɗe. Akwai lema. Akwai tocila. Akwai filasta, da safa ta canji, da jadawalin jiragen dawowa da ya buga a takarda ko da wayarsa za ta mutu. A ƙarƙashinsa kuma akwai wani jadawalin, ko da na farkon zai jiƙe. Tun daga Leeds muke masa dariya har muka sauka.

“Ƙarfe uku na yamma sama ta buɗe. Ni da na taso inda ruwa ke yin sallama kafin ya zo, na tsaya ina rawar ɗari. Ango ya zuge jakar, ya zaro rigar ruwa, ya miƙo min. Na ce, kai fa? Ya zaro tasa. Sai da na sa tawa na lura daidai jikina take, ba nasa ba. Tun ranar Alhamis ya saya, don ya san ban san ƙasar nan ba tukuna.

“Ranar na gane jakar nan ba don kansa yake ɗaukar ta ba. Duk wanda ke zauren nan da ya taɓa shiga matsala ya kira shi, ya san abin da nake nufi.

“Shekaru bayan haka ya ce in zo zai gabatar min da wata. Ya iso a makare da minti goma, hannunsa babu komai. Na ce, ina jakar? Ya dubi kafaɗarsa, ya ce, na manta. A nan na fara tanadin kuɗin kwat.

“Amarya, ke ce mutumin da za ki ce ranar Juma'a da daddare gobe a tafi Scotland, kuma a tafi. Kin koya masa cewa wasu ranakun masu daɗi ba sa cikin jadawali. Tun da ya san ki ya fi dariya, ya fi natsuwa. Jakar ta dawo, ba na musu. Amma na leƙa cikinta, rigar ruwa ta biyu yanzu daidai jikinki take.

“Ina roƙon kowa ya miƙe ya ɗaga kofinsa. Kada ruwa ya same ku ba shiri, in kuma ya same ku, ya same ku tare. Ga ango da amarya!”

Duba yadda lokacin ya rabu. Buɗewar ba ta kai daƙiƙa ashirin ba, kuma ta yi aiki uku: ta faɗi ko kai waye, ta kawo dariyar farko, ta gabatar da halin da za a bi. Dariyar farkon tana da muhimmanci ta zo da wuri, cikin daƙiƙa talatin na farko, domin da zarar zaure ya yi dariya sau ɗaya sai hankalin kowa ya kwanta, har da naka. Labarin bakin teku ya ɗauki kusan minti ɗaya da rabi, shi ne kaso mafi girma. Juyin jimla biyu ne kacal. Amarya da zamansu tare sun samu kamar daƙiƙa hamsin, ɗaga kofi ya ɗauki saura.

Akwai dabarun da ke sa jimla ta ba da dariya, kuma ana koyon su. Kalmar da ke ɗauke da dariyar a ƙarshen jimla take zama. “Bayan awa ɗaya ya turo min jadawali” tana aiki ne don jadawali ya zo a ƙarshe, ka yi shiru, a yi dariya. In ka ce “ya turo min jadawali bayan kamar awa ɗaya da muka gama magana”, mutane za su fara dariya kana ci gaba da magana, su haɗiye ta don su ji ƙarshen, dariyar ta mutu. Jerin kayan jaka kuma hawa yake yi, daga abin da kowa zai iya ɗauka zuwa abin da shi kaɗai zai ɗauka, kuma jadawali na biyu ne ƙololuwa, don haka bayan shi ba a ƙara komai. Sannan sunan abu ya fi siffanta shi. “Ya kwaso kaya da yawa” ba ta sa kowa murmushi, “safa ta canji” tana sawa, domin mutum yana ganin ta. Kada kuma ka yi wa dariya shela. Da ka ce “ga wani labari mai ban dariya”, ka ɗora wa kanka bashin da sai ka biya. Barkwancin da ake kwafowa daga intanet ka bar shi inda yake. Baƙin bikin Ingila sun ji su a bukukuwa da dama, kuma ba su faɗi komai game da abokinka ba. Dariya uku zuwa huɗu ta gaske ta ishi jawabin wannan tsawon.

Juyin shi ne inda mutane da yawa ke tsorata. Sun saba da zolaya tsakaninsu da aboki, faɗar magana mai taushi a bainar jama'a tana musu nauyi, sai su rufe ta da wata zolayar nan take. Kada ka yi haka. Bayan “ba don kansa yake ɗaukar ta ba”, ka tsaya daƙiƙa biyu cikakku, ka dubi ango, ka bar shirun ya zauna. Wannan wurin ne mahaifiyarsa za ta tuna. Kuma ka lura ba a jero siffofi ba, ba a ce mai kirki ne, mai amana ne, mai karamci ne. Rigar ruwan ta riga ta faɗi duk wannan, jero su zai rage mata ƙarfi.

Game da amarya, ƙa'idar ta fi tsauri: ba a zolayar ta, ko da kun saba. Ka faɗi abu guda na gaske da ka gani a halinta, da abu guda da ya canza a wurin abokinka tun zuwanta. In za ka ce ta yi kyau yau, jimla ɗaya gajera, ka wuce. In ba ka san ta sosai ba, kada ka yi kamar ka sani. Ka kira babbar ƙawarta ka tambaye ta abu biyu: wane hali ne kowa ya san amarya da shi, kuma akwai batun da bai kamata a taɓa ba? Tambaya ta biyun ita ke tsare ka daga abin da ba za ka iya hangowa ba, kamar rasuwar da aka yi kwanan nan, ko iyayen da suka rabu kuma dukansu suna zauren. Ka tambaye ta kuma wane labari za ta bayar in ita ma za ta yi magana, don kai ne na ƙarshe, kuma abin takaici ne ka zauna kana jin ana ba da labarinka kafin ka tashi. Babbar ƙawar ce kuma ya kamata ta ji jawabin gaba ɗaya mako guda kafin biki. Abokanku na jami'a ba za su iya yi maka wannan alƙalancin ba, domin sun san labaran kuma duk abin da ka faɗa zai ba su dariya.

In kana so ka sa wa jawabin hannunka, addu'ar da muke yi wa ma'aurata tana shiga da kyau kafin ɗaga kofi. Ka ce a garinmu ga abin da muke cewa, ka faɗi “Allah ya ba da zaman lafiya” da Hausa, ka faɗi ma'anarta, daƙiƙa goma ta ishe ka. Amma ka tsaya a zaman lafiya. Addu'ar samun zuri'a, wadda a wurinmu ba a raba ta da ta aure, a can tana iya taɓa abin da ba ka sani ba. Wasu sun yanke shawarar ba za su haihu ba, wasu suna nema bai zo ba, kuma ba a maganar a bainar jama'a.

Batun kofi ba shi da wuya. Abin da ake so shi ne a ɗaga a kurɓa tare, ba wanda zai leƙa abin da ke cikin naka. Ka gaya wa ango ya sanar da masu kula da wurin liyafar tun kafin ranar cewa a zuba maka lemon tuffa mai gas ko wani abin sha marar barasa, ka kuma tuna wa mai hidimar teburinku da kanka idan an zauna, domin lokacin zuba abin ɗaga kofi sauri suke yi, kofi bayan kofi, ba sa tambaya. Ka tabbata kofin yana gabanka a cike kafin mahaifin amarya ya fara magana. Kada ka riƙe shi kana jawabi. Hannu ɗaya makirufo, ɗaya katunan rubutu, kofi yana kan tebur sai jimlar ƙarshe, ka ajiye katunan ka ɗauke shi. In hannunka na rawa, ruwan cikin kofi shi zai fara tona maka asiri.

Katunan su zama masu kauri, girman tafin hannu, guda biyar ko shida, kowane sashe da nasa, da lamba a kusurwa ko da za su zube. Rubutun ya zama manya, ka sa alama a duk inda za ka tsaya. Faffaɗar takarda tana karkarwa a hannu har a gani daga nesa, waya kuma allonta yana mutuwa ko saƙo ya shigo a tsakiyar jimla, ga shi tana sa ka sunkuyar da kai. Ka haddace jimlolin buɗewa da na rufewa sarai, don ka faɗe su kana kallon mutane. Tsakiyar ka san ta sosai, amma ka yarda ka duba kati. Karantawa a fili sau ɗaya ko biyu a rana cikin mako na ƙarshe ta wadatar. Ka naɗi muryarka sau ɗaya ka saurara, za ka ji inda harshe ke sarƙewa, kuma duk jimlar da ta sarƙe ka sau biyu, sake rubuta ta za ka yi da gajerun kalmomi. Makirufon ka riƙe shi kusa da haɓa, tazarar yatsu uku daga baki, in ka juya kai ka dubi amarya ya bi bakinka. Kuskuren da aka fi yi shi ne hannu ya riƙa sauka a hankali har makirufon ya koma ƙirji, daidai lokacin da murya ta yi ƙasa a wurin magana mai taushi, sai na baya su rasa jimlar da ta fi kowace daraja.

Abu biyu kan faru a tsakiyar jawabi da ya kamata ka shirya musu. In ka faɗi abin dariya ba a yi ba, ka ba shi daƙiƙa ɗaya ka ci gaba da jimla ta gaba kamar labari kawai kake bayarwa. Kada ka maimaita, kada ka yi bayani, kada ka ce “a gida ya fi ban dariya”. Tun da jawabinka labari ne ba jerin barkwanci ba, jimlar da ba ta ba da dariya ba tana nan da amfaninta a cikin labarin, mutane ma ba za su san an so su yi dariya a wurin ba. In kuma wani daga teburin abokai ya ɗaga murya ya ce ka ba da labarin daren nan, ka yi murmushi ka ci gaba, ko kallon sa kada ka yi. Amsa masa, ko da wasa, tana tabbatar wa zauren cewa akwai labarin.

Ka kuma ware tun a gida sashen da za ka tsallake in dariya ta yi yawa ta ci lokaci. A misalin nan, maganar zuwansa a makare ba jaka tana iya fita, jawabin ya tafi kai tsaye daga juyi zuwa amarya, sai ka bar “jakar ta dawo” ka ce “jakar tana nan”. Ka sa wa katin wannan sashen alama da jan biro. Wajen ɗaga kofin kuma ka faɗa a sarari cewa a miƙe, ka jira sai ƙarar kujeru ta lafa kafin ka faɗi fatan alherin, in ba haka ba hayaniya za ta haɗiye shi. Ango da amarya su a zaune suke zama. Ka rufe da sunayensu biyu kawai, da ƙarfi, domin su ne jama'a za su maimaita, ka kurɓa, ka miƙa makirufon ga mai gabatarwa, ka zauna. In ka tuna wani abu da ka manta, ka gaya wa ango shi kaɗai bayan an tashi daga tebur.